Godiya ga duk wanda ya sa hannu a taron gidanmu na Jidda

Alhamdu lillahi. An yi taro an tashi lafiya, na Makka sun koma, na Madina sun kira sun ce sun sauka. Shekara da shekaru rabon da Hajiya Babba ta ga 'ya'yanta da jikokinta a falo ɗaya, sai ga shi ranar Juma'a a istirahar da muka kama har da Gwaggo, wadda yaƙin 2023 ya taso daga Wad Madani ta ƙasar Sudan. Allah ya saka wa masu girki da masu jigilar mutane da alheri, zan bi ku ɗaya bayan ɗaya a waya. Wannan saƙon na waɗanda suka taya ni ɗaukar kayan da na fi tsoro ne, wato waƙoƙin da aka sa.

Da aka ɗora mini aikin na ɗauka sha yanzu ne. Na raba takarda gida uku, tsofaffi, mu, yara, na ce kowane rukuni da zamaninsa. Yaya ce ta fara rushe mini lissafi, kuma ita zan fara yi wa godiya. Ta ce, "Ke dai ba ki lura ba. Hajiya da Gwaggo kusan sa'o'in juna ne, amma ba rediyo ɗaya suka saurara ba." Haka ne kuwa. Hajiya ta baro Katsina da Shata da Ɗan Maraya a kunnenta, kuma a wajenta waƙa ta tsaya a shekarar da ta baro gida. Gwaggo kuwa a Maiwurno aka haife ta, Hausarta tsaf, amma rediyon Omdurman ta tashi da shi. Da na tambaye ta, ko tunani ba ta tsaya yi ba ta ce A'isha Fallatiya, wadda ta rasu tun 1974, sai Muhammad Wardi. Mu na tsakiya mun tashi tsakanin kasat ɗin da alhazai ke zuwa da su da Ɗalal Maddah da ke tashi a kowace motar haya. Yaranmu da Larabci suke mafarki.

Sai muka bar tambayar shekaru. Yaya ta riƙa kiran kowa tana tambayarsa abu ɗaya: wace waƙa ake yayi lokacin bikinka, ko lokacin da kake ganiyar ƙuruciya? Aka tara talatin da takwas. A nan wata matsalar ta fito, domin tsakanin sallar Isha'i da lokacin da za mu miƙa makulli awa uku ne da 'yan mintuna, ga cin abinci a ciki. Waƙar yara minti huɗu ce ko biyar. Ta Shata ko Ɗanƙwairo kuwa takan wuce minti goma, Bakandamiya ma ba a magana. In aka ba kowa waƙoƙi daidai wa daida, tsofaffi sun cinye daren. Da minti muka raba, ba da yawan waƙa ba, kowane rukuni kimanin minti arba'in da biyar.

Kawu, Allah ya ƙara girma. Shi ne ya zauna da ɗan Yaya yana nuna masa inda za a yanke dogayen waƙoƙin. Yaron ya so ya datse kowacce a minti na biyar, Kawu ya ce a'a, ba a katse mawaƙi yana tsakiyar ɗiya, sai ya dire 'yan amshi sun karɓa, sannan a rage sauti a hankali. Kuma Kawun ne ya fito da kwalin kasat ɗinsa da ya ƙi yarda a zubar duk ƙaurar da aka yi. Biyu daga ciki sun riga sun lalace. Za ka gane ne idan muryar mawaƙi tana lilo, tana hawa tana sauka kamar mai jin barci, zaren ya saki ke nan. Sauran aka kwafe su a kwamfuta.

Shi ma ɗan Yayan ya ci godiya ta musamman, don ya cece mu daga abin kunya. Ranar gwaji muka sa Ɗan Maraya, kuntigin nan can ƙasa-ƙasa, muka ƙure sifika don a ji. Yana ƙarewa waƙar zamani ta faɗo da ƙarfin da sai da jaririyar ƙanwata ta farka da ihu. Tsofaffin ɗauka ba su da ƙarfin sautin na yanzu, kuma ba wanda zai tsaya gaban sifika dare guda yana murɗawa. Ya zuba duka a Audacity ya bi da su ta `Loudness Normalization` suka dawo kai ɗaya. Amma da aka ɗaga tsofaffin sai shuuu ɗin kasat ya ɗagu tare da su. Ya gwada goge shi da `Noise Reduction`, ya cika hannu, kalangun Shata ya koma kamar ana kaɗa shi cikin randa. Kawu ya saurara ya ce, "Mayar mini da shuuu ɗina." Aka rage kaɗan aka bar sauran.

Tsarin daren ba mu bi shi daga tsohuwa zuwa sabuwa tsantsa ba. Mun dai fara da na tsofaffi don su ne ke fara gajiya, amma bayan kowace biyu mukan jefa ɗaya ta wani rukunin, kada yara su tsere tsakar gida da wayoyinsu. Lokacin cin abinci Wardi da Ɗalal Maddah a hankali. Waƙoƙin fiyano na finafinan Kano, waɗanda muka yi 'yammatanci da su, bayan an kwashe farantai. Da aka sa Fallatiya na ga Gwaggo ta ajiye kofin shayinta, ta ja gefen tobinta ta rufe baki, leɓenta na motsi a ƙarƙashi. Ba ta yi kuka ba. Jikar Hajiya 'yar shekara goma sha shida ita ce ta matso kusa da ita tana fassara wa Hajiya baitocin.

Laifi ɗaya nawa ne, kuma ina neman afuwa a bainar jama'a. Akwai waƙar amada da na sa don kiɗan ƙwaryarta kawai, ban saurare ta har ƙarshe ba. Ashe rabinta na biyu habaicin kishiya ne zalla, ga matan Kawu biyu zaune kafaɗa da kafaɗa. Falo ya yi tsit. Uwargida ce ta fara fashewa da dariya ta ce a ƙaro sauti, amarya ta ce ai da ita ake, a bari ta ji da kyau. Inna, ku biyun nan kun rufa mini asiri, Allah ya rufa naku. Duk mai shirin irin wannan, ya ji kowace waƙa daga farko har ƙarshe, ya kuma tuna wa zai zauna kusa da wa. Waƙoƙin fada ma akwai zambo a ciki, mun cire ɗaya saboda garin da aka taɓa.

Mun ajiye "Jaruma" ta Hamisu Breaker sai ƙarfe sha ɗaya, muna zaton Hajiya ta shiga ɗaki. Ashe ta san ta tun zaman kullen korona a 2020. Ba ta tashi ba, amma ta sa aka kifa mata roba a cikin baho da ruwa, tunda ƙwarya ba ta samu ba, ta karɓi ludayi biyu, ta ce a kashe sifikar. Waƙoƙi shida na yara ba a kai gare su ba, ku yi haƙuri, suna nan a filas ɗin.

Filas ɗin yana hannun Yaya, mai so ya kai nasa a kwafa masa. Akwai kuma tiren silba babba da cazar waya fara da aka bari a istirahar, suna wajena. Kawu, kasat ɗinka goma sha ɗaya na ƙirga, ka ce sha biyu ne, ina kan dubawa a mota.