Kalmar da na yi saurin faɗa wa mai jego

Shekarata ta uku ke nan a ɗakin awo lokacin da wata mata ta zo da cikinta na huɗu. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Sista. Ina cika katinta na tambaye ta nauyin ɗanta na baya, ta ce kilo 4.3, kuma sai da kafaɗarsa ta maƙale kafin ya fito. Mahaifiyarta tana shan maganin suga. Ita kanta tana da jiki. Na gwada fitsarinta da ɗan tsinken nan, launinsa bai canza ba, na rubuta babu suga, na sallame ta.

Babbar ungozomarmu ce ta ɗauki katin da yamma ta kira ni. Ta sa yatsa a kan nauyin jaririn ta ce, "'Yata, wannan ba fitsari za ki tambaya ba, jini za ki tambaya." A ranar na fahimci cewa gwajin fitsari yana yaudara ta fuska biyu. Ƙodar mai ciki takan saki suga cikin fitsari ko da jininta lafiya lau, wata kuma sugan jininta yana hawa bayan kowane abinci amma fitsarin da ta kawo da safe tas yake. Idan aka dogara da shi, za a tsorata mai lafiya a sallami mai ciwo.

Gwajin gaskiya na gano ciwon sugan da ke zuwa da ciki shi ne wanda ake rubutawa OGTT a takardar ɗakin gwaji, kuma lokacinsa tsakanin mako 24 da 28 na ciki. An zaɓi wannan lokacin ne saboda mabiyiya tana fitar da sinadarai masu hana insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, yin aikinsa sosai, kuma ƙarfinsu yana ƙaruwa yayin da ciki ke tsufa. Yawancin mata jikinsu yakan ƙara yawan insulin ya cike giɓin. Wadda jikinta ya gaza, sai suga ya taru a jini ya tsallaka wurin jariri, shi kuma ya mayar da shi kitse. Mai irin tarihin Yaya ma ba a jira mako 24, ana duba jininta tun zuwan farko ko da ma tana da ciwon ba ta sani ba, sannan a sake idan lokaci ya yi.

Mace za ta kwana ba ta ci komai ba aƙalla awa 8, ruwa kawai. Da safe a ɗebi jini, a ba ta giram 75 na gulukos a cikin kofin ruwa ta shanye cikin minti biyar, a sake ɗiba bayan awa ɗaya, a kuma bayan awa biyu. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013, idan na farko ya kai 5.1 mmol/L, ko na awa ɗaya ya kai 10.0, ko na awa biyu ya kai 8.5, an samu ciwon. Ɗaya ya isa, ba sai duka uku ba. Na Yaya ya fito 5.4, da 10.6, da 8.1.

Ƙananan abubuwa ne ke ɓata wannan gwajin, kuma duk na gan su da idona. Wata za ta sha koko kaɗan da asuba don kada jiri ya ɗebe ta, ba za ta faɗa ba sai an tambaye ta da lallashi. Wata za ta ce bari ta leƙa kasuwa kafin awa biyun ta cika, tafiyar kuma tana sauke suga, sakamako ya fito da kyau na ƙarya. Wadda ta yi amai bayan ta sha, sai a sake wata rana. Har jinin kansa idan ya daɗe a ajiye kan tebur kafin a auna, ƙwayoyin jinin suna ci gaba da cinye sugan da ke ciki, lamba ta ragu. Tsakanin 5.0 da 5.1 babu nisa.

Kuskurena na biyu a wajen abinci ne. Na ce wa Yaya ta rage tuwo da shinkafa ta daina zaƙi, na ga kamar na gama aikina. Bayan mako biyu ta dawo idanu sun faɗa, nauyinta ya ragu, fitsarinta yana nuna alamar jiki ya fara ƙona kitsensa saboda yunwa. Tsoro ne ya sa ta bar tuwon gaba ɗaya, tana wuni a kan kwaɗon zogale. Mai ciki ba ta barin abinci mai sitaci, ita da jaririn suna bukatarsa, jagororin likitoci ma suna cewa kada sitaci da sugan da ke cikin abincinta su gaza giram 175 a rana. Abin da ake so shi ne a rarraba shi, kada ya faɗo wa jiki a lokaci guda.

Sai muka zauna, na ce ta faɗa mini abin da take ci daga asuba zuwa dare kafin a gano ciwon. Da safe koko babban kofi da cokali uku na suga, wani lokaci da burodi. Rana shinkafa da mai da yaji cike da faranti, da zoɓo mai sanyi. Dare malmala biyu. Ba mu kawo wani baƙon abinci ba, abin da ke tukunyar gidanta muka sake wa tsari. Safiya ce lokacin da jikin mai ciki ya fi ƙin sauraron insulin, kuma abu mai ruwa-ruwa kamar koko da kunu shi ya fi saurin shiga jini, don haka muka mayar da karin kumallonta alala ko ƙosai ko dafaffen ƙwai, da ɗan kofin koko ba suga. Rana shinkafa ta koma rabi, wake ya cike rabin, ga ganye a gefe. Dare malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunta, miyar taushe ko kuka ko kuɓewa da yawa, da nama ko kifi idan an samu. Tsakanin abinci gyaɗa, ko nono marar suga, ko gwaiba guda. Bayan ta ci kuma ta zaga tsakar gida na minti goma zuwa sha biyar.

Ta tambaye ni, "Sista, zuma fa? Ai ita magani ce." Na ce ban musa albarkarta ba, amma a jini suga ce, haka dabino idan aka yawaita. Haka tuwon alkama da mutane ke ɗauka ana cinsa ba iyaka. Shi ma sitaci ne, malmala biyu na alkama za su ɗaga suga. Na'urar gwaji ce ta raba mana gardama. Mijinta ya saya mata, tana dubawa da asuba da kuma awa biyu bayan abinci, tana rubutawa a bayan kati. Burinmu na asuba ya kasance ƙasa da 5.3, na bayan abinci ƙasa da 6.7. Ranar da ta sha fura da suga a gidan suna ta ga lambar da idonta, ban sake yi mata wa'azi ba. Da abincin bai wadatar ba cikin mako ɗaya ko biyu, da likita ya ƙara mata ƙwayar metformin mai sauke suga ko allurar insulin, kuma wannan ba laifin mace ba ne, wata mabiyiyar ta fi ƙarfin kowane tsarin abinci. Ita dai Allah ya taimake ta, abinci da tafiya suka riƙe ta.

Ta haihu lafiya, 'ya mace, kilo 3.4. Muka sa jaririyar a nono nan take muka riƙa duba sugarta, domin irin waɗannan jariran sun saba da suga mai yawa a ciki, idan aka yanke cibi tasu tana iya faɗuwa. Washegari sugan Yaya ya dawo daidai. Cikin murna na ce mata, "Yaya, ya wuce, ya tafi da mabiyiya." Na ambaci cewa ta dawo gwaji bayan arba'in, amma a gurguje, tana naɗe kaya. Ta tafi gidan iyayenta wankan jego.

Ban sake ganinta ba sai bayan shekara huɗu, a layin masu ganin likita. Ta rame, tana yawan fitsarin dare, ƙishirwa ba ta barinta. Sugarta ta asuba ta haura 11. Ta dube ni ba tare da fushi ba ta ce, "Sista, ba ke kika ce ya wuce ba?"

Ni na ce. Kuma rabin gaskiya na faɗa mata. Sugan yakan sauka bayan haihuwa, amma cikin ya riga ya tona cewa jikinta ba shi da rarar insulin idan aka matsa masa. Bincike da aka haɗa daga ƙasashe da dama ya nuna macen da ta yi sugan ciki tana da haɗarin kamuwa da ciwon suga nau'i na biyu ninki bakwai zuwa goma a kan wadda ba ta yi ba. Shi ya sa ake so a sake mata gwajin gulukos ɗin nan tsakanin mako 4 da 12 bayan haihuwa, sannan a riƙa dubawa duk shekara ɗaya zuwa uku har tsawon rayuwa, da kuma kafin ta sake ɗaukar wani cikin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai matakin tsakiya, inda suga ya ɗan hau amma bai kai ciwo ba, kuma a nan rage ƙiba da motsa jiki, ko metformin, suna rage haɗarin sosai. Shayarwa ma tana taimakawa. Shekara huɗun nan da ba mu duba ta ba, a cikinsu ta bi ta wannan matakin ta wuce.

Jego a wurinmu lokacin kiwo ne. Kunun kanwa da suga safe da yamma, tuwo da ƙari, uwa tana cewa ci ki mayar da jikinki, kuma da ƙauna take faɗa. Don haka yanzu ba mai jego kaɗai nake yi wa bayani ba. Wadda za ta yi mata wanka nake nema in ce, "Mama, a dama mata kunun, amma ba suga, kuma kofi ɗaya." Na lura kuma mai jego ba ta dawowa asibiti don kanta, amma tana kawo jariri rigakafi a mako 6 da 10 da 14. Sai na koma rubuta ranar gwajinta a jikin katin rigakafin jaririn, in haɗa shi da allurar mako 6, idan ta kuskure ta mako 10, in ce ta zo da sassafe ba ta karya ba. Masu rigakafi sun san alamar, suna ganinta su turo mini ita.

Yaya tana shan magani yanzu, sugarta ta daidaita. Ƙanwarta tana zuwa awo wurinmu da cikin fari, ita ta kawo ta da kanta, kuma tun a bakin ƙofa ta ce in rubuta mata gwajin jini.