Mako na uku: na koma wurin Gwaggo ba tare da "amma" ba

'Yan'uwa masu koyon ba da haƙuri baki da baki, ga inda na kwana.

Ranar Talata na yi wa Gwaggo alkawarin kai ta asibitin ido da ƙarfe 7 na safe. Ban je ba. Ta sa mayafi ta zauna a zaure har hantsi, layin ganin likita ya wuce ta. Da yamma na je na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, amma wayata ce ba caji, shi ya sa ban farka ba." Ta ce "ba komai", ta ci gaba da tsince shinkafarta, ko ɗago kai ba ta yi ba. Wannan gajeren "ba komai" ɗin duk mun san shi, rufe zance ne kawai.

Da dare na yi ta juya maganar a raina. Ashe waya na ɗora wa laifin. Harshenmu yana da maɓoya da yawa irin wannan: "an samu kuskure", "kofin ya fashe" maimakon "na fasa kofin", "tsautsayi ne", "sharrin Shaiɗan ne". Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce "in na ɓata miki rai", domin tana nuna kamar har yanzu ana tantamar ɓacin ran. Ko "yi haƙuri" ita kaɗai ba ta isa ba, tunda ita muke gaya wa wanda aka yi wa rasuwa. Ba ta faɗin wanda ya yi laifin.

Sai na tuna Ka'abu ɗan Malik, da bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan Hijira. Wasu suka yi ta kawo uzuri, shi kuwa ya gaya wa Annabi (SAW) cewa ba shi da uzuri ko ɗaya. Kwana 50 ya yi a cikin ƙunci kafin a karɓi tubarsa.

Ranar Alhamis na koma. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na sunkuyar da kai na ce, "Gwaggo, ni na yi miki alkawari, ni na saɓa. Na bar ki zaune a zaure har kika rasa ganin likita. Laifina ne. Don Allah ki yafe mini. Ranar Litinin a nan zan yi sallar asuba."

Daga nan na yi shiru, kuma nan ne wuyar take. Bakina har ƙaiƙayi yake ya ƙara bayani. Ta yi faɗa sosai, ta ce abin da ya fi yi mata ciwo shi ne maƙwabta sun gan ta a shirye tun safe. Wannan ban ma yi tunaninsa ba. Ban katse ta ba. Can ta ce, "Na yafe. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Tashi ka ci tuwo."

Abin da ya rage mini shi ne na ƙasa da ni. Jiya na daka wa ƙanena tsawa a gaban abokansa kan makullin da ni na ajiye, kuma har yanzu "laifina ne" ta ƙi fitowa. Shi zan nema bayan la'asar.