Kalmar "ɗanye" da na bari a baya

Kawuna yana da shanu huɗu da yake kiwo a ɗaure a bayan gari, ta hanyar Mampong, kuma shi ne ya kawo mini littafin har gida a Aboabo, cikin Kumasi. Littafi ne na Turanci mai koya yadda ake gina rumbun da ke fitar da gas na girki daga kashin shanu, irin wanda ake binnewa a ƙasa mai rufin tulluwa. Kawu yana karanta boko da Ajami amma Turanci ya gagare shi, maginin da ya samo kuma yaron unguwar Sawaba ne mai jin Hausa da Tuwi. Ya ajiye littafin a kan tabarma ya ce, "Ɗana, ka mayar mini da shi yadda zan karanta wa magini, shi kuma ya gane." Na ce to, Kawu, in Allah ya yarda.

Tun a shafin farko na tsaya, domin abin ba shi da suna a bakinmu. Masu boko suna cewa daijesta, kuma wannan ba ya nuna wa kowa komai. Da farko na rubuta rami. Da na karanta wa magini sai ya tambaye ni ta ina za a sa bututun shan iska, don shi duk ramin da ya taɓa ginawa na masai ne, kuma masai sai da hanyar fitar wari. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da ba a so. Ƙwayoyin halittar da ke yin gas ɗin ba sa aiki inda iska ke shiga, gas ɗin kuma dole ya taru a ƙarƙashin tulluwar ba tare da ya sami ko tsaga ɗaya ba. Wani mahauci da muke sallah tare ne ya warware mini. Da na yi masa bayani sai ya ce, ai wannan tumbi ne. Gaskiya ya faɗa, domin irin ƙwayoyin da ke cikin tumbin saniya su ne ke aiki a ciki, kuma duk wanda ya san dabba ya san tumbi yana son ɗumi, yana son abinci a kan lokaci, yana ɓaci in an cusa masa abin da bai saba ba. Daga ranar na koma rubuta tumbi. Ramin da ake dama kashi na kira shi baki, wanda ruwan taki ke fita na kira shi mafita. Magini bai sake maganar bututun iska ba.

Lissafi ne ya fi cin lokacina, ko da yake ba shi da wuya. Girman da Kawu ya zaɓa yana ɗaukar kusan lita 4,000 na damammen kashi, ban da wurin da gas ke taruwa a sama. Kullum ana zuba kilo 40 na kashi da lita 40 na ruwa, wato kusan lita 80 ke shiga, kuma lita 80 ke fita ta mafita. In ka raba 4,000 da 80 za ka sami 50, ma'ana abin da ka zuba yau zai yi kamar kwana 50 a ciki kafin ya fito, kuma wannan ya ishe shi ya ba da yawancin gas ɗinsa a ɗumin Kumasi. Kilo ɗaya na kashin saniya yana ba da kusan lita 40 na gas, saboda haka kilo 40 zai ba da kamar lita 1,600 a yini. Murhu mai baki ɗaya yana shan kusan lita 400 a awa in an buɗe shi sosai. Girkin awa huɗu ke nan. Na dage sai da wannan adadin ya fito a shafin farko na fassarar, don matar Kawu ta san tun kafin a kashe kuɗi cewa zai ishe ta shayin safe da miya da tuwon dare, amma ba zai dafa wake da shinkafar da take kai wa bakin titi ba.

To amma babu mai sikeli a garke, babu kuma mai auna ruwa da lita. Sai na ari sikelin masu nama, muka cika bokitin da yaron shanun yake kwasa da shi, muka ga yana ɗaukar kusan kilo 10. Na rubuta bokiti huɗu na kashi, bokiti huɗu na ruwa, da bokiti guda za a auna duka biyun. Na guji cewa galan, don galan ɗin nan rawaya da muke kira na Kufuor akwai mai lita 20 akwai mai 25, kuma kowa nasa yake ɗauka shi ne daidai. A gefen shafin na ƙara cewa damun ya zama kamar koko mai ɗan kauri, wanda zai zubo daga kwano da kansa. Wannan jimlar ta fi duk lambobin amfani a wurin yaron.

Aka yi gini, aka shafe cikin tulluwar da siminti hawa-hawa, aka gwada ta riƙe iska. Sai maganar cikawar farko, kuma a nan ne kuskurena ya ɓoya. Littafin Turancin ya ce a yi amfani da kashi sabo, wanda bai bushe ba. Ni kuwa na rubuta "kashin shanu" kawai, domin a kunnena kalmar ta isa, busasshe ai kandilo ake ce masa. Ban yi tunanin abin da cikawar farko ke nufi ga mai shanu huɗu ba. Ana bukatar kusan kilo 2,000 na kashi a lokaci guda, shanun Kawu kuwa kilo 40 suke bayarwa a yini. Sai ya fara tarawa tun ana haƙa, a fili, cikin hunturu. Abin da bai isa ba ya saya a buhu daga wani garke da ke shimfiɗa wa dabbobinsa dusar katako, wadda ba ta da wuyar samu a Kumasi saboda masu tsaga katako. Duk aka dama ɗaya da ɗaya kamar yadda na rubuta, aka zuba.

Bayan kamar sati uku gas ya fara zuwa. Na farkon aka sake shi a fili ba tare da an kunna ba, yadda littafin ya ce, don yana gauraye da iskar da ta rage a ciki. Daga baya wuta ta kama, shuɗiya, muka yi murna. Amma ba ta taɓa wuce awa ɗaya ba, kuma tana ƙara raguwa. Kawu ya kira ni a waya ya ce, "Ɗana, ko dai magini ya bar mana ɓula?" Magini kuma ransa ya ɓaci, don ya san aikin da ya yi.

Na ɗauki babin gano matsala, wanda na fassara da hannuna amma ban taɓa amfani da shi ba, muka bi shi a tsaye a gefen tumbin. Akwai tiyo mai haske da aka lanƙwasa aka zuba masa ruwa, an haɗa shi da bututun gas a jikin bangon madafa, shi ne ke nuna ƙarfin gas. Muka rufe makunnin da ke kan tulluwar da na murhu bayan magariba, muka yi alama a tiyon. Da safe ruwan yana nan inda yake, wato bututun ba ya yoyo. Muka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, babu kumfar da ta taso. Muka buɗe matarin ruwa da ke wuri mafi gangare na bututun, don gas ɗin yana zuwa da danshi, kuma in ruwa ya taru wuta takan riƙa rawa ana jin ƙululu. Ɗan kaɗan ne ya fito. Muka sunsuna abin da ke fita ta mafita, domin in an cika zuba abinci tumbi yakan yi tsami, warin ya yi kaifi, gas ya ƙi kamawa. Babu tsami. Abin da ya ja hankalin magini shi ne ruwan mafitar ya yi tsararo kamar ruwan wanki, alhali damu mai kauri ake zubawa. Ya ce, to ina kaurin yake tafiya?

Ya samo doguwar gora ya zura ta mafita, ya karkata ta sama. Ta doki abu mai tauri. Busasshen kashi da dusar katako ba sa nutsewa, sun taso sun haɗu sun zama ɓawo a saman damun, ruwa ya koma ƙasa. Kashin da ya bushe a rana ya riga ya rasa wani ɓangare na abin da zai zama gas, kuma ɗaya da ɗaya bai ishe shi ruwa ba, tunda ɗanyen kashi kusan kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne. Dusar katako kuwa ba ta narkewa a irin wannan tumbin, sai dai ta cinye wuri. Ɗan gas ɗin da ake samu ma da ƙyar yake ratsa ɓawon.

Yaron shanun ya ce bari ya shiga ta mafita ya farfasa. Na hana shi da ƙarfi, kuma wannan na cikin wuraren da na gode wa Allah na rubuta da manyan baƙaƙe. A cikin tumbi babu iskar numfashi, akwai kuma wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke iya sumar da mutum kafin ya yi ihu. Ba a shiga sai an kwashe, an bar shi a buɗe kwanaki, kuma da masu sani a wurin. Muka zaɓi hanya mai tsawo. Safe da yamma ana dukan ɓawon da gora ta baki da ta mafita, abin da ya ɓantaro ya fito a kwashe a kai gona. Aka daina zuba komai sai kashin ranar, ana tsince ciyawa da tsakuwa kafin a dama. Mahaucin nan ya kawo mana bokitai na abin cikin tumbi daga mayanka, muka tace muka zuba ruwan. Sai da aka yi kusan wata guda kafin wutar ta kai awa uku.

A daren da muka gano ɓawon na zauna gaban Kawu na nuna masa layin Turancin da nawa. Na ce, Kawu, laifin ba na magini ba ne, kalma ɗaya na bari. Ya yi shiru, sannan ya ce in je in ba magini haƙuri tukuna, in dawo in gyara. Yanzu layin yana cewa ɗanyen kashi na ranar, ban da kandilo, ban da wanda ya haɗu da dusar katako. Na kuma ƙara abin da babu shi a asalin littafin, na sa shi a cikin akwati don a san nawa ne: mai shanu kaɗan da ke tarawa don cikawar farko ya tara a inuwa, ya rufe da leda, ya riƙa yayyafa ruwa, ko ya shirya da masu garke a kawo masa ɗanye cikin kwanaki kaɗan. Sauran shafukan kuma na sake karanta wa yaron shanun su ɗaya bayan ɗaya, ina tsayawa a kowace jimla in ce ya nuna mini da hannu abin da zai yi. A shafi na tara, inda na rubuta "a zuba ruwa", ya nufi bahon da matar Kawu ta gama wanki da omo a ciki, sai na ɗauki biro.