Hirar da Alhaji ya yi da ni ita ce jarrabawar, ita ce kuma yarjejeniyar

Ranar da na je neman aiki a wani ƙaramin kamfanin rarraba kayan masarufi da ke kusa da Kasuwar Singa, na tafi da shirin da na saba yi wa manyan ma'aikatu: takardun makaranta cikin fayil, da amsoshin da na haddace a hanya cikin adaidaita sahu. Ofishin wani ɗaki ne a saman sito, tebur ɗaya, kujeru uku, ga darduma a naɗe a gefe. Ma'aikatan duka su goma sha ɗaya ne, kuma mai kamfanin shi kaɗai ke ɗauka, shi kaɗai ke sallama.

Alhaji bai buɗe fayil ɗina ba. Bayan mun gaisa ya tambaye ni unguwarmu, na ce Gwammaja. Ya tambayi sana'ar mahaifina, ya tambayi wanda ya turo ni da yadda muke da shi, ko ina da iyali, da kuma dalilin da ya sa na bar inda nake a da. Tsakanin tambaya da tambaya yana amsa waya, yana ba wani direba kuɗin mai. Ni kuwa ina zaune ina jiran a fara intabiyu, alhali an kusa gama ta.

Sai daga baya na fahimci abin da tambayoyin nan suke nufi. Mutumin da zai damƙa maka littafin kuɗinsa da makullin sitonsa ba shi da sashen da zai binciki tarihinka. Unguwa da sana'ar mahaifi da wanda ya turo ka su ne bincikensa, domin yana so ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan wani abu ya faru. Tambayar tsohon wurin aiki ma ba labari yake nema ba. Yana sauraron yadda kake ambaton maigidan da ka bari, don ya san haka za ka ambace shi wata rana. Na gode Allah da ban zagi kowa ba, na ce kawai kwantiragin ne ya ƙare, kuma gaskiya ce.

Can sai ya turo mini wata takardar rakiyar kaya, kamar wanda abin ya faɗo masa a rai yanzu. "Ɗana, duba nan. Takarda ta ce katan 400 na taliya, mai sito ya ƙirga 388. Direba yana ƙasa yana sauri. Yaya za ka yi?" Na tambayi kuɗin katan, ya ce in ɗauka a 18,500. Na ce katan 12 ke nan, naira 222,000. Ba zan sa hannu a kan 400 ba. Za mu sake ƙirga a gaban direba, in rubuta 388 a jikin takardar tasa da tamu, shi ma ya sa hannu, in ɗauki hoto in turo maka kafin motar ta bar ƙofar sito, domin da zarar ta tafi asarar ta zama tamu. Ya yi shiru, ya karɓi takardarsa, ya ce a kawo mini ruwa. A nan na ci aikin, cikin abin da bai kai minti uku ba.

Inda na yi kuskure shi ne abin da ya biyo baya, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Ya ce, "To, nawa za mu ba ka?" Kunya ta kama ni. Mutum ya kira ka ɗansa, ya san kawunka, ya sa an kawo maka ruwa, sai ka ji kamar faɗin adadi rashin ladabi ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da ka ga ya dace." Ya ce, "Ba za mu samu matsala ba. Ka fara ran Litinin." Na fito ina murna, ban san albashina ba, ban san ranakun aiki ba, ban san ko lokacin gwaji nake ba.

Ƙarshen wata aka turo mini naira 60,000. Ashe har Asabar ake aiki, kwana 26 ke nan, kuma ina kashe 1,200 kullum a zuwa da dawowa. Kuɗin mota kaɗai ya cinye 31,200, saura 28,800, ban ci abincin rana ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na fara tunanin an cuce ni. Na tuna cewa tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan 70,000 ne, har na shirya zuwa da wannan hujja. Da na bincika sai na tarar dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Haka ma tsarin fansho na dokar 2014, tilascinsa ya fi fitowa fili ne ga mai ma'aikata 15 zuwa sama. A wuri irin namu, kusan duk abin da zai kare ka shi ne abin da kuka faɗa da baki ranar farko, ni kuwa ban faɗi komai ba. Alhaji bai karya alkawari ba, tunda babu alkawarin da aka yi.

Abu ɗaya dai Dokar Ƙwadago ta tanada ko da wurin ƙarami ne: a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa, wato irin aikin, albashi da lokacin biyansa, sa'o'in aiki, da wa'adin sanarwa idan za a rabu. Amma ban je masa da maganar doka ba. Mai kamfanin da ke yanke hukunci shi kaɗai, idan ka sa shi a kwana a gaban yaransa, ko kana da gaskiya ka rasa. Na jira bayan La'asar, lokacin da lodi ya lafa kuma babu kowa a ofis. Na ce, "Alhaji, laifina ne da ban yi magana ba tun farko. Ga lissafin wata." Na ajiye masa 'yar takarda mai layi uku: abin da ya shigo, kuɗin mota, abin da ya rage. Ɗan kasuwa ne, lamba ta fi shigarsa fiye da koke. Ya duba ya ce bai san daga Gwammaja har haka nake kashewa ba. Ya mayar da albashin 75,000, ya ce bayan wata uku za mu sake zama.

A zaman na yi tambayoyin da ya kamata in yi tun ranar farko. Wace rana ake biya? Idan kaya suka yi ƙasa a sito, a kan wa za a cire, ni mai rubutu ko mai riƙe da makulli? Kuma wa zai ba ni umarni idan ba ya nan? Wannan ta ƙarshe ta fi yadda na zata nauyi, domin ƙaninsa da babban ɗansa duk suna shigowa su ce a fitar da kaya bashi. Ya ce kada katan ko ɗaya ya fita bashi sai da muryarsa.

Da daddare na tura masa saƙo ta WhatsApp, na yi godiya, na jera abin da muka tsayar: 75,000 a ƙarshen kowane wata, Litinin zuwa Asabar, giɓin sito ba a kaina ba sai in kuskuren rubutu ne, bashi sai da izininsa, sake zama bayan wata uku. Na rufe da cewa, "Idan akwai inda na ji ba daidai ba a gyara mini." Ya amsa da saƙon murya: "Haka ne, Allah ya yi albarka." Bayan mako biyu ƙaninsa ya zo yana son katan 50 bashi ga wani abokinsa, Alhaji yana Legas. Na kunna masa saƙon, na nuna masa layin da ke samansa, sai ya ɗauko wayarsa ya kira yayan nasa da kansa.