Littafin bashin Kawu da na tara daga hoto

Kawuna yana da shagon tireda, to da ciwon ƙafa ya kwantar da shi sai ya sa yaron shago ya ɗauki hoton littafin bashi ya turo min ta WhatsApp, wai in fitar masa da abin da yake bin kowa. Hotunan farko ba su karantu ba sam, domin WhatsApp yana matse hoto sai tawadar biro ta dushe, na ce ya sake ɗauka da rana, shafi ɗai-ɗai, ya danne littafin ya miƙe sannan ya turo ta wajen Document. Dannewar nan dole ce, saboda tsakiyar littafi yana lanƙwashewa ya haɗiye sifirin ƙarshe, ka ga 500 alhali 5,000 ce. In na yi shakka sai in dubi kayan da aka rubuta a gefe, ai babu katan ɗin taliya na ɗari biyar.

Amma fa inda aikin yake shi ne kalmar "saura". Kawu ba ya ware wa kowa shafinsa, yadda ciniki ya zo haka yake rubutawa, in mutum ya kawo wani abu sai ya rubuta ragowar a ƙasa, in ya buɗe sabon shafi kuma ya sake ɗauko ta da sunan tsohon bashi. Ɗauki mai shayin bakin layinsu: madara 6,500, sukari 4,000, ya kawo 5,000, saura 5,500. Shafi na gaba tsohon bashi 5,500, sai ganyen shayi 3,000. Wanda ya bi lambobi yana dannawa a kalkuleta zai tashi da 29,500, bawan Allah kuwa 8,500 kacal ake binsa, kaya na 13,500 a cire dubu biyar ɗin da ya kawo. Shi ya sa ban tara saura ko ɗaya ba, kaya daban biya daban, ita saura sai dai in gwada lissafina da ita, in ba su yi daidai ba to akwai layin da na tsallake ko na karanta 7 a matsayin 1, don bakwai ɗin Kawu ba ta da sandar tsakiya.

Sunaye ma wani rikicin ne, mutum ɗaya yau "mai shayi" gobe "Malam na bakin layi", sai da na kira na ce Kawu waɗannan biyun mutum ɗaya ne? ya ce eh mana. Layin da aka soke gaba ɗaya an biya, wanda aka soke kuɗin kawai aka rubuta wani a sama gyara ne, bashi yana nan. Waɗanda suka ƙi karantuwa kuma ban yi musu cinta ba, na jera su a takarda daban da lambar shafinsu, yaron shago ya buɗe littafin yana karanto min su ta waya.