Takardar da na rubuta wa ɗalibata a kan ɓaraka

A ƙarshen wannan wata zan ajiye aikin duba ɗalibai masu koyon jinyar tunani ta hanyar tattaunawa, bayan shekara tara ina yinsa. Da nake kwashe takarduna sai na ci karo da kwafin wata takarda mai shafi biyu da na rubuta wa wata ɗaliba a shekarata ta biyu. Na zauna na karance ta tsaf, har yau kuma tana sosa mini rai.

Mutumin da take gani magidanci ne mai fama da ciwon damuwa (na sauya wasu bayanansa). Sun kai zama na shida. A zaman da ya gabata ta ba shi takardar da zai riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana da yadda ya ji. A minti na 12 na faifan zaman da ta kawo mini ya ce, "Ban samu na cike takardar nan ba." Ita kuwa sai ta shiga yi masa bayanin amfanin takardar, kusan minti huɗu ba ta tsaya ba. Bayanin daidai ne, babu kuskure ko ɗaya a ciki. A minti na 17 ya ce, "To, shi ke nan, duk yadda kika ce." Daga nan amsoshinsa suka koma "e" da "haka ne". A minti na 31 ya ɗauko labarin wani likita da ya taɓa gani, wanda a cewarsa yake rubuta magani tun mutum bai gama magana ba. Ta jajanta masa a kan likitan, suka wuce.

Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san abin da ya faru. Tun 1979 masanin halayyar ɗan Adam Bordin ya fayyace cewa alaƙar aiki tsakanin mai ba da jinya da wanda yake gani tana tsaye ne a kan abu uku: yarda a kan inda aka dosa, yarda a kan ayyukan da za su kai can, da kuma aminci tsakanin mutanen biyu. A nan saɓanin ya faro ne daga aikin gida, ya gangara ya taɓa amincin. Masu bincike Safran da Muran sun raba irin wannan ɓaraka ta alaƙar aiki gida biyu. Akwai ta fito-na-fito, inda mutum zai yi ƙorafi ko ya ƙalubalance ka ido da ido. Akwai ta janye jiki, inda zai gajarta amsa, ya sauya zance, ko ya yi ta amincewa da baki alhali zuciyarsa ta yi nisa. Ta biyun ta fi wuyar ganewa, domin kamar haɗin kai take zuwa.

Na ga duk wannan, amma ga abin da na rubuta mata: "Ba ki sauraron abin da ke ƙarƙashin maganar mara lafiya. Kina saurin kare tsarinki. Akwai buƙatar ki yi aiki a kan tausayawa." Na jero kurakurai bakwai daga farkon faifan zuwa ƙarshensa, ban ambaci minti ko ɗaya ba, ban kawo kalmar da mutumin ya faɗa ba. Na tura mata da dare. Kuma kamar yadda shugabar sashenmu ta wancan lokaci ta wajabta, na saka kwafi a fayil ɗin da ake duba wa idan an zo ba ɗalibi makin ƙarshen shekara.

Washegari ta amsa da layi ɗaya: "Na gode, Malam, zan gyara." Na ji daɗi, na ɗauka ɗaliba ce mai karɓar gyara. Makonni biyar da suka biyo baya faifan da take kawowa duk na zaman da suka tafi lafiya ne. Idan na tambayi labarin magidancin sai ta ce ana ci gaba. Sai da ya daina zuwa bayan zama na tara na sani cewa makin da yake ba zaman yana ta sauka. Muna amfani da gajeriyar takardar auna zama ta Duncan da Miller, mai layi huɗu, kowanne maki goma, jimilla 40, kuma ƙa'idarta ita ce duk abin da ya gaza 36 a tsaya a tattauna shi. Nasa ya sauko daga 38 zuwa 33, ya kai 30. Ta gani, ta ji tsoron kawo mini.

"Na gode, Malam, zan gyara" da "To, duk yadda kika ce" magana ɗaya ce. Abin da na zarge ta da kasa ji a bakin magidancin, shi na kasa ji a bakinta, kuma takardata ce ta jawo shi. Daga baya na karanta binciken Ladany da abokan aikinsa na 1996, wanda ya nuna kusan kashi 97 cikin ɗari na ɗaliban da aka tambaya sun ɓoye wa masu duba su wani abu, kuma abin da aka fi ɓoyewa shi ne rashin jin daɗinsu game da mai dubawar kansa. Sanin hakan bai dawo da magidancin ba.

Na kira ta, na ce mata ni na yi kuskure, na kuma roƙe ta ta gaya mini yadda takardar ta same ta. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Malam, na karanta ta sau huɗu, ban ga abin da zan yi dabam a ɗakin ba. Abin da na gani kawai shi ne ban dace da aikin ba." Tare da ita muka sake rubuta takardar, kuma tsarin da muka fitar ranar shi na bi har yau.

Wuri ɗaya nake ɗauka a faifai, idan ya yi yawa biyu. Ina fara da abin da kowa zai iya ji idan ya kunna: minti kaza, ya ce kaza, kin ce kaza. Sai abin da ya faru dab kafin nan, domin ɓaraka tana da mafari, sai abin da ya sauya bayanta. Na magidancin ya koma haka: "Minti 12 zuwa 17. Ya ce bai cike takardar ba. Kin yi bayanin amfaninta. Ya ce, 'To, shi ke nan, duk yadda kika ce.' Kafin nan yana magana jimla uku ko huɗu a jere, bayan nan kalma ɗaya ko biyu." Babu siffa ko ɗaya a kanta a wannan sashe. Ɗalibi zai iya musanta cewa ba ya da tausayi, ko ya haɗiye maganar ta zame masa ciwo, amma minti na 17 abu ne da za mu kunna mu saurara tare.

Bayan nan ne nake kawo fahimtata, kuma ina rubuta ta a matsayin zato: "Ina jin ya janye ne a nan, wataƙila ya ji kamar ana yi masa faɗa. Labarin likitan a minti na 31 ma zai yiwu da ke yake, a kaikaice. Ke da kike ɗakin, haka kika ji?" Wannan tambaya ba ta ladabi ba ce kawai, ina bukatar amsarta. Faifai ba ya ɗaukar komai. Akwai mutanen da "to" da sunkuyar da kai tarbiyyarsu ce, haka suke tun ranar farko, kuma wanda ya kira wannan ɓaraka ya zalunce su, ya kuma ruɗar da ɗalibi. Abin da ake nema shi ne sauyi daga yadda mutumin ya saba, kuma ɗalibin ya fi ni sanin yadda ya saba.

Sai tambayar da na fi ba muhimmanci: me kika ji a jikinki lokacin da ya ce bai cike ba? Ita amsarta ita ce gabanta ya faɗi, domin ta san zan tambaye ta aikin gida a zamanmu. Ashe bayanin minti huɗun nan ni take yi wa, ba shi ba. Da ban tambaya ba da na ci gaba da koya mata sauraro, alhali abin da ya toshe mata kunne tsorona ne.

Daga ƙarshe ina rubuta jimla ɗaya da za ta iya faɗa, da kalmomin da bakinta zai iya ɗauka, misali: "Na lura tun da na yi maganar takardar nan kamar ka ɗan yi shiru, kuma ina jin na cika ka da bayani. Me ke ranka?" Jimlar tana faɗin abin da aka gani, tana ɗaukar kason mai ba da jinyar a cikin lamarin, tana barin ƙofa a buɗe. Ina kuma gargaɗin cewa ba kowace ɓaraka ake kira da sunanta ba. Wani lokaci sauya aikin ya isa, a ce ya rubuta na kwana biyu maimakon bakwai, ko a ajiye takardar a tambaye shi me ya fi damunsa a makon. Ga mutum mai tsananin kunya, tambayar kai tsaye tana iya ƙara korar shi.

Idan ɗalibi ya yi yunƙurin ɗinkewa, ko da bai yi nasara ba, ina rubuta mintinsa kamar yadda na rubuta na kuskuren. Takardar ba ta wuce shafi ɗaya. Ba na tura ta da dare, kuma ba ta zama ƙarshen magana, a kanta muke buɗe zama na gaba. Layinta na ƙarshe kullum tambaya ce a kaina: wane wuri a takardar nan ya yi miki nauyi, ko kike ganin ban fahimta ba?

Abin da ban iya gyarawa ba shi ne dokar fayil. Sau uku ina zuwa wurin shugabar ina bayanin cewa ɗalibin da ya san kowane kuskure zai shiga makinsa ba zai kawo faifan da ya fi buƙatar a saurara ba. Ta ce tsari tsari ne, har ta rubuta a rahotona na shekara cewa ina sassauta wa ɗalibai. Ban manta ba. Abin da na iya shi ne na riƙa gaya wa kowane ɗalibi tun ranar farko wace takarda ce ke shiga fayil, kuma a wurin ba da maki ina ɗaga wanda ya kawo ɓarakarsa da kansa sama da wanda faifansa kullum sumul. Haƙƙin mara lafiya ne kaɗai ke sa in tsallake wannan: idan akwai haɗari ga ransa ko an keta ƙa'idar aiki, ina rubutawa ƙarara, in kai inda ya dace.

Ɗalibar ta rubuta wa magidancin gajeriyar wasiƙa bayan mun tattauna, ta ce ta lura ba ta saurare shi yadda ya kamata ba a kan takardar, kuma ƙofa a buɗe take. Bai amsa ba. Ita yanzu tana duba nata ɗaliban, kuma ita ce za ta karɓi biyu daga cikin nawa idan na tafi. Tsohuwar takardar mai shafi biyu na saka ta cikin kayan da zan tafi da su gida.