Yadda muka tsara hulɗar maigida da tsohuwar matarsa

Da na tare, na tarar maigidana da matar da ya saka suna waya kusan kullum. 'Ya'ya biyu ne tsakaninsu, kuma suna hannunta, don haka cewa su daina magana kwata-kwata ba ta taso ba. Sai dai saki ɗaya ne ya raba su. Idda ta cika, ta zama bare a gare shi, amma ƙofar kome a buɗe take da sabon ɗaurin aure. Abin da ya hana ni barci ke nan.

Kuskurena na farko shi ne duba wayarsa. Ya gane, ya sa mata makulli, ya fara goge saƙonni. Na biyu kuwa, na kira ta da kaina. Ta ce ba ni na aure ta ba, kuma gaskiyarta, domin alkawarina da shi ne, ba da ita ba.

Sai na dawo na yi mako biyu ina lura da kiran da ya amsa a gabana kawai. Guda 14 ne, 5 ne suka shafi yara, sauran hira ce, yawanci bayan isha'i. Da wannan na same shi ranar da babu faɗa, bayan ya ci abinci. Ban ce masa yana sonta ba, don zargi rantsuwa kawai yake jawowa. Na ce, "Abban yara, ba na so ka yanke zumunci da 'ya'yanka, tsari nake nema."

Mun tsaya a kan cewa waya daga safe zuwa magariba ce, sai in rashin lafiya. Kuɗin abinci ya riƙa turawa ta banki ranar 1 ga wata, kuɗin makaranta kuma kai tsaye ga makarantar. Wannan kaɗai ya kashe yawancin kiran, domin da ma "sabulu ya ƙare" ke buɗe hira. Ɗaukar yara ran Asabar a gidan kakarsu ake yi, ba ya shiga ɗakin uwarsu. Shi ya sanar da ita da bakinsa, a matsayin shawararsa. Da ya ce "amarya ce ta ce", da na zama abokiyar gaba, shi kuma abin tausayi.

A wata na biyu aka karya. Ta kira ƙarfe 11 na dare, ya fita tsakar gida ya amsa. Fitar ce ta dame ni, don maganar zazzaɓin yaro ba ta bukatar ɓuya. Na bari sai da safe na tuna masa sau ɗaya. Da aka sake, na kai maganar gun yayansa, ban kai gidanmu ba, saboda iyayena za su riƙe abin a zuci ko bayan mun shirya. Yaya ya zaunar da shi, tun daga nan in ta kira da dare a gabana yake ɗauka.